Kaka Na Dariya, Jika Na Kallo: Abin da Ya Raba Barkwancin Tsofaffi da na Matasa

A al'adar Bahaushe babu wanda aka sakar wa mara ya yi wasa da yaro kamar kakansa. Uba yana da kwarjini, uwa tana kunyar ɗan fari har ba ta kiran sunansa, amma kaka ba ruwanta da wannan. Jikanta namiji mijinta ne, jikarta mace kishiyarta ce, shi kuma tsoho jikarsa amaryarsa ce. Ke nan, tun asali, tsoho da yaro ne ya kamata su fi kowa fahimtar dariyar juna a cikin gida. Sai ga shi a gidaje da yawa yau abin ya juya. Tsoho zai ba da labari ya yi dariya har da hawaye, jikokinsa 'yan shekara goma sha biyar suna kallonsa suna jiran ƙarshen labarin da ya riga ya ƙare. In an jima yaran su taru a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyatawa, a nuna wa tsohuwa abin, ta duba ta sake dubawa ta ce, "To, ina abin dariyar?"

Amsar da aka saba bayarwa ita ce yaran zamani ba su da natsuwa, ko kuma tsofaffi kansu bai waye ba. Duka biyu ba su kama hanya ba. Barkwanci ba ya zuwa da kayansa a cike. Mai ba da shi yana faɗin rabi ne, ya bar wa mai sauraro ya ƙarasa da kansa, kuma daɗin yana cikin wannan ƙarasawar. Kafin mutum ya iya ƙarasawa yana buƙatar abu uku: ya san abin da aka bari ba a faɗa ba, ya ji a jikinsa cewa an taka wata ƙa'ida, sannan ya yarda cewa mai maganar yana da izinin taka ta. Shekaru hamsin da ke tsakanin kaka da jika suna iya ɗauke kowanne daga cikin ukun, kuma kowanne yana kashe dariya ta hanyarsa daban.

Shanun da ke jin kunya

Ga wani labari irin wanda dattawa kan bayar a majalisa. Malamin jangali ya je ruga ƙidayar shanu. Bafulatani ya nuna masa saniya goma, ya rantse su ke nan gare shi. Malam ya buɗe littafi zai rubuta, sai aka ji kukan garke guda daga bayan tsauni. Ya ɗago kai ya ce, "Jauro, waɗancan fa?" Bafulatani bai ko ƙifta ido ba ya ce, "Ayya malam, surukan waɗannan ne, kunya suke ji."

Ɗan shekara saba'in zai fashe da dariya kafin a rufe baki. Bari mu lissafa abin da ya sani wanda ba a faɗa a labarin ba. Ya san jangali kuɗi ne da hukuma ke karɓa a kan kowace saniya, don haka yawan shanun da aka rubuta shi ne yawan abin da za ka biya. Ya san cewa idan lokacin ƙidaya ya zo, makiyaya kan kora wani ɓangare na garke cikin daji, kuma masu ƙidayar ma sun san da haka. Ya san kunyar surukai, inda mutum kan canza hanya ko ya ɓuya don kada su yi ido biyu, ya kuma san cewa Fulani sun yi suna a kan kunya fiye da kowa. Dariyar tana daidai inda waɗannan abubuwa suka haɗu: an kama mutum dumu-dumu, maimakon ya rikice sai ya ɗauki halin da aka fi yabon mutanensa da shi ya ɗora wa shanu, ya mai da ƙarya ta zama ladabi.

Yanzu a ba yarinyar da aka haifa a 2010 a cikin birnin Kano wannan labari. Tun a 1979, da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamna, ya sanar da soke haraji da jangali a jihar, wato kusan shekara talatin kafin a haife ta. Ba ta san me ya sa mutum zai ɓoye shanunsa ba. Wataƙila kuma a gidansu tana ganin yayarta na hira da uwar mijinta a kujera ɗaya suna kallon fim. Abin da ya iso kunnenta kawai shi ne wani mutum ya ce shanu na jin kunya, kuma wannan shirme ne ba barkwanci ba. Hausarta lafiya lau take, kowace kalma ta gane, in ban da jangali. Abin da ta rasa shi ne duniyar da kalmomin ke tsaye a kai.

Lamarin kamar tsallaken kwata ne: mai labari ya kawo ka baki, kai za ka yi tsalle. Idan kwatar ta yi faɗi da yawa ka faɗa ciki, idan kuma ta yi ƙanƙanta har ba sai ka ɗaga ƙafa ba, babu wani daɗi. Shi ya sa bayani bayan labari ba ya dawo da dariya. Idan tsoho ya tsaya ya fassara wa jikarsa jangali da kunyar surukai bayan ya gama, za ta ce "Oho, na gane," amma ba za ta yi dariya ba, domin an riga an ƙarasa mata abin da ya kamata ta ƙarasa da kanta.

Wa ya rasu?

Irin wannan giɓi yana nan ta ɗaya ɓangaren, sai dai tsofaffi ba su cika lura da cewa su ma akwai abin da suka rasa ba. A ce ana gobe Babbar Sallah wani kawu ya sa hoton ragon layyarsa a zauren WhatsApp na dangi, ragon kuma ɗan firit ne, duk haƙarƙari a waje. Ɗaya daga cikin yaran ya turo sitika mai ɗauke da fuskar marigayi Rabilu Musa Ibro ya zaro ido. Wata ta turo 'yar fuskar nan mai zubar da hawaye shaɓe-shaɓe har guda uku. Na uku ya turo hoton ƙoƙon kan mutum, bai ƙara ko kalma ba. Yaran suna ɗaki suna birgima. Aka kai wa Hajiya wayar, ta ga kuka ta ga ƙwarangwal, gabanta ya faɗi, ta ce, "Innalillahi, wa ya rasu?"

A wurin matasa a ƙasashe da yawa, fuskar kukan nan tana nufin dariya ta kai ga hawaye, ƙoƙon kan kuma yana nufin dariya ta kashe mutum. Ba su ƙirƙiro tunanin ba, don Hajiya da kanta takan ce wa mai ban dariya "za ka kashe ni." Abin da ba ta da shi shi ne sabawa da ganin maganar a hoto. A duniyar da ta tashi, hoton ƙoƙon kai alamar guba ce a jikin kwalba ko alamar haɗari a jikin turken lantarki, kuma ambaton mutuwa a daren Sallah mugun fata ne. Sitikar Ibro ma ba fuska ce kawai ba. Yaran sun gan ta sau da yawa, a ƙarƙashin sakamakon jarrabawa mara kyau, a ƙarƙashin farashin mai, a ƙarƙashin ɗinkin da tela ya ɓata. Duk lokacin da aka sake amfani da ita tana jawo waɗancan lokutan tare da ita. Dariyar ta yau ita ce an sa ragon Kawu a sahun waɗannan masifu.

Haka gajerun bidiyon TikTok suke aiki. Wani zai ɗauki 'yar magana ko guntun waƙa na daƙiƙa goma, dubban mutane su ɗora nasu hoton a kan muryar. Wanda ya ga hamsin daga ciki ya san yadda aka saba yi, saboda haka idan na hamsin da ɗaya ya ɗan karkace, nan take zai gane ya yi dariya. Wanda wannan ne na farkonsa kuwa, abin da yake gani shi ne ƙaton saurayi ya ɗaura ɗankwali yana motsa baki da muryar wata mata. An ba shi ƙarshen labari ba tare da farkonsa ba.

Wannan salo ba baƙo ba ne ga tsofaffi in sun tuna. Wasannin tashe da ake farawa bayan azumi ya kai goma iri ɗaya ne kowace shekara, kowa ya san abin da za a yi, dariyar tana cikin yadda yaran bana suka sarrafa abin da kowa ya haddace. 'Yan kama ma haka suke: suna kwaikwayon zaman malami da muryar mai wa'azi, amma zancen duk na tuwo da miya ne, kuma wanda bai taɓa zama gaban malami ba ba zai ji daɗinsu ba. Bambancin yana wajen sauri. Wasan tashe yakan yi shekaru aru-aru ana gadonsa, don haka kaka da jika sun san shi tare. Muryar da ake yayi a waya kuwa takan tashi ta faɗi cikin 'yan makonni. Ba kaka kaɗai take bari a baya ba, har yayan da ya tafi makarantar kwana zango ɗaya yakan dawo ya tarar an wuce wurin.

Idan ƙa'idar ta daina zama ƙa'ida

Wani lokaci yaro ya gane komai sarai, amma dariyar ba ta zo ba. A nan matsalar ba rashin sani ba ce. A 2010 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Colorado ta Amurka, Peter McGraw da Caleb Warren, sun gabatar da wani bayani mai sauƙi: mutum yana dariya ne idan ya ji an saɓa wa wani abu da yake ganin haka ya kamata ya kasance, kuma a lokaci guda ya ji cewa saɓawar ba ta da cutarwa. Cakulkuli misali ne. Idan ɗan'uwanka ya yi maka, hari ne mara cutarwa, sai dariya. Idan kai ka yi wa kanka babu hari, babu dariya. Idan baƙo ya yi maka a mota, harin ya zama na gaske, sai faɗa.

Ɗauki Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya fito a matsayinsa a rediyo da talabijin na Kaduna. Shi kansa tsohon soja ne, ya rasu a watan Nuwamba na 2023. Babban makaminsa shi ne Hausar bariki: ya kwaɓa Hausa da Turanci, ya murɗe kalma, ya daka wa farar hula tsawa kamar yana filin fareti. Masu sauraronsa na farko sun san irin waɗannan mutane ido da ido. Sun ga tsofaffin sojojin da suka dawo daga Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun ga waɗanda suka dawo daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kowa yana da irinsu a unguwa. Sannan a kunnensu cusa Turanci cikin Hausa abu ne da ke fita daban, mai nuna bariki ko burga. Samanja yana taka ƙa'idar da suke ji a jikinsu.

Yaron sakandare na yau da wuya ya yi jimla uku bai sa Turanci ba, haka malaminsa, haka masu gabatar da shirye-shiryen rediyon da yake ji. Abin da yake saɓawa a kunnen kakansa shi ne maganar yau da kullum a nasa kunnen. Zai iya yaba wa Samanja a matsayin gwanin wasa, zai iya dariyar tsawarsa da zare idonsa, amma wannan ɓangare na harshe ya riga ya yi sanyi. Haka labaran baƙauyen da ya shigo birni ya ga famfo ko fitilar lantarki ya rikice. Sun yi tashe lokacin da mutane da yawa a majalisar su kansu ba su daɗe da fara ganin waɗannan abubuwa ba, suna dariyar tsoron da suka taɓa ji. Yanzu mutumin ƙauye yana da waya a aljihu yana karɓar kuɗi ta cikinta.

Ta ɗaya gefen kuma, matasa suna da ƙa'idojin da tsofaffi ba su san da zamansu ba. A wurinsu abin dariya ne babba ya rubuta doguwar sallama da gaisuwa da sa hannu a ƙarshen saƙon waya kamar wasiƙar gidan waya, ko ya ɗauki hoton kansa kyamara na kallon ƙasan haɓarsa. Masu gajerun wasannin barkwanci suna kwaikwayon irin wannan sosai. In aka nuna wa dattijo, abin da zai gani shi ne mutum mai ladabi ya rubuta saƙo yadda ya dace. Ba a taka komai ba a idonsa.

Wa ya ba ka izini?

Na uku shi ne ya fi haddasa ɓacin rai, domin a nan ba rashin dariya kawai ake samu ba, har da jin an yi laifi. Barkwancin gargajiyar Hausa yana da tsari na wanda ya halatta ya tsokani wani. Akwai wasan kaka da jika, akwai na taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda har kuɗin shara suke bin juna a watan Cika-ciki. Akwai na garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zage-zagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari, Buzaye da maƙera. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da nauyi har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Tun a 1940 masanin zamantakewa ɗan Birtaniya, Radcliffe-Brown, ya yi rubutu a kan irin wannan dangantaka a Afirka da wasu wurare, inda ya nuna cewa raini ne da al'ada ta halatta, ta kuma hana wanda aka yi wa ya yi fushi.

A cikin wannan tsari kaifin magana ba shi ne ma'auni ba, dangantaka ce ma'auni. Babarbare zai tare Bafulatani a tasha, ko da bai taɓa ganinsa ba, ya ce masa, "Kai bawana, zo ka ɗauki kayan ubangidanka." Bafulatanin zai ce, "Yaushe bawa ya fara aiken mai shi?" Su yi dariya, wataƙila ma ɗaya ya biya wa ɗaya kuɗin mota. Dattijon da ke gefe ya ji zumunci. Matashin da ya tashi yana karanta zage-zagen ƙabilanci na gaske a waya, yana kuma jin labarin rikicin manoma da makiyaya kullum, abin da ya ji shi ne an kira mutum bawa saboda ƙabilarsa. Labarin jangalin nan ma, a bakin abokin wasan Fulani wasa ne, amma in aka yanko shi aka watsa ga dubban mutanen da ba su san wa ya faɗa ba, yana iya zama wani abu daban.

Ko a cikin gida haka ne. Yarinyar da ta tashi kusa da kakanta ta san cewa idan ya ce, "Amaryata, yau ba a kawo mini abinci ba, ko yaji kika yi?" amsar ita ce, "Ni me zan yi da tsoho mara haƙori? Ka je wajen tsohuwarka." Wasan ba ya cika sai da ramuwa, kuma ramuwar ce ke nuna cewa kowa ya san wasa ne. Yarinyar da ba ta ganin kakanta sai da Sallah, wadda a makaranta aka koya mata ta yi hattara da duk babban da ke mata zancen aure, za ta sunkuyar da kai ta bar wurin. Shi ya ga ta raina shi, ita ta ga ya faɗi abin da bai dace ba, alhali babu wanda ya yi nufin sharri.

Su kuma matasa izininsu daga wani wuri yake zuwa. A wurinsu kyamara ce ke halatta wasa: in dai don a ɗauka a bidiyo ne, kuma a ƙarshe an ce wa mutum wasa ne, to an wanke. Shi ya sa suke dariyar bidiyon da wani ya tsorata mai tafiya a hanya, ko ya yi wa mai shago ƙaryar an sace masa kaya. Tsoho yana kallo tambaya ɗaya yake yi: mene ne tsakaninsu? Taubashinsa ne? Jikansa ne? In babu, to wannan wulaƙanta bawan Allah ne, balle in wanda aka yi wa ya haifi mai yin. Wani bincike da Jennifer Stanley ta Jami'ar Akron da abokan aikinta suka wallafa a 2014 ya nuna cewa tsofaffin da aka nuna wa guntayen wasannin talabijin ba su ji daɗin barkwancin muzanta wani ba kamar yadda masu ƙarancin shekaru suka ji. Amurkawa aka gwada, don haka ba a ɗora sakamakon kai tsaye a kan Hausawa ba. Tsofaffinmu gwanayen zambo da habaici ne, kuma su ne ke dariya idan Nalako ya ɗaure gwauro da igiya yana zagaya Kano da shi cikin azumi. Ba kaifi suke ƙi ba, kaifin da ba shi da dangantaka a bayansa suke ƙi.

Kunne, ido da sauri

Akwai kuma wani dalili na jiki da bai kamata a manta da shi ba. Ji yana raguwa da shekaru, kuma siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin waɗanda ke bambanta kalma da kalma. Ƙaramar lasifikar waya, ga kiɗa a ƙarƙashin magana, ga rubutu ƙanana da ke bayyana su ɓace cikin daƙiƙa biyu, sau da yawa da Turanci ko da Hausar da aka gutsuttsure: kafin tsohuwa ta gyara tabarau an wuce wurin dariyar. Sau da yawa ba ta kasa ganewa ba ne, ba ta ji ba ne ko ba ta gani ba.

Labarin tsoho kuwa ginin zaure ne da dandali. Yana farawa da wane ɗan wane, da garin da abin ya faru, da shekarar da aka yi fari, yana ratsewa ya dawo. A wurin tsaransa wannan jan rai rabin daɗin ne. Yaron da ya saba da abin dariya mai zuwa cikin rabin minti ya riga ya saki zaren tun a tsakiya. Ga shi kuma dattijo yakan rufe da karin magana ko gugar zana, wanda fahimtarsa ke buƙatar daɗewa ana jin irinsa a bakin manya. Wannan ne ya sa barkwancin jiki ya fi kowanne tsallake shekaru. Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, har yanzu yana haɗa kaka da jika a gaban allo ɗaya, domin gudu da faɗuwa da zare ido da ƙaryar da ta tonu ba sa buƙatar sanin jangali ko sanin yayin makon nan.

Yadda za a gane inda aka samu tangarɗa

Martanin mai sauraro yakan nuna wanne daga cikin ukun ya ɓace. Idan ya ce, "Sai kuma me ya faru?" ko ya tambayi ma'anar wani abu, sani ne ya rasa. Wannan yana da magani, amma maganin kafin labari ake ba da shi. Tsohon da ya fara ba jikokinsa labarin yadda ake ƙidayar shanu a zamaninsu, a matsayin hira kawai, ya bari aka kwana biyu sannan ya kawo labarin surukan shanu, zai ji dariyar da yake nema. Jikan da ya nuna wa kakarsa bidiyo huɗu na asali, a hankali kuma da ƙarar da za ta ji, kafin ya nuna mata wanda aka karkatar, ya ba ta farkon labarin ke nan.

Idan mai sauraro ya ɗaure fuska, ko ya yi shiru ya tashi, izini ne bai gani ba. Wannan ma yana gyaruwa, amma aikin iyaye ne da ke tsakiya. Su ne za su gaya wa yarinya tun tana ƙarama cewa kakanta abokin wasanta ne, su koya mata ramuwa, su kuma bar mata damar ƙin wasan in ba ta so. Su ne kuma za su gaya wa saurayi cewa dattijon da ke sayar da goro a bakin titi ba jikansa ba ne shi, kuma riƙe waya ba ya mai da shi taubashin kowa.

Idan kuwa ya ce, "Na gane, amma ba abin dariya ba ne," to ƙa'idar ce ta canza, kuma wannan ba shi da magani. Ba za a iya sa yaro ya ji Hausar bariki baƙuwa ba alhali ita yake yi, ba kuma za a iya sa dattijo ya ji kunyar doguwar sallama ba. Wani lokaci ma canjin ci gaba ne. Labaran da ake yi wa kutare da makafi da masu taɓin hankali sun sa majalisu dariya shekaru da yawa, kuma jikan da ya ƙi dariyarsu ba ƙarancin fahimta ke damunsa ba, ya ga cutarwar da sabo ya rufe wa na gaba da shi. Kamar yadda kakar da ta ƙi dariyar tsoratar da mai talla ta ga cutarwar da allo ya rufe wa jikanta. A irin wannan wuri, wanda bai yi dariya ba shi ne ya kamata a tsaya a tambaya me ya gani.